Sauya Riga a Hoto: Yadda Ake Gane Inda Za a Tsayar da Denoising Strength

Duk wanda ya taɓa zama da hoton mutum yana son sauya masa riga a Stable Diffusion, samfurin AI mai zana hoto daga rubutu, ya san tarkon nan. Ka shafe rigar da burushi don nuna wurin da za a gyara, ka rubuta bayanin sabuwar da kake so, ka danna, sai hoton ya fito kamar ba a taɓa shi ba. Ka ja lambar sama, sai ga sabuwar riga ta fito tsaf, amma kafaɗar ba ta mai hoton ba ce, hannu ya koma wani wuri, wani lokacin ma har da hannu na uku yana leƙowa daga aljihu. Lambar da ke haddasa duka biyun, a manhajojin da ake tafiyar da samfurin da su, ita ce wadda AUTOMATIC1111 ke kira Denoising strength, ComfyUI ke kira `denoise`, ɗakin karatun diffusers kuma ke kira `strength`. Daga 0 take tafiya zuwa 1.

Tambayar da aka fi yi ita ce: wace lamba ce daidai? Mutane na son a ce musu 0.6 ko 0.75 su riƙe su huta. Ni abin da nake gani shi ne, lambar ba ta da amsa sai an fara duba tazarar da ke tsakanin rigar da ke jikin mutumin da wadda ake son sa masa. Kuma idan tazarar ta yi yawa, dabara ba ita ce a ƙara lamba ba. Dabara ita ce a rage tazarar da hannu kafin a miƙa wa manhajar. Amma sai an fahimci abin da lambar ke yi kafin wannan magana ta zauna.

Abin da ke faruwa idan ka ja lambar

Samfurin Stable Diffusion, tun fitowarsa a 2022, sana'a ɗaya aka koya masa: a ba shi hoton da aka lalata da ɗige-ɗige barkatai, ya share su kaɗan-kaɗan har hoto mai ma'ana ya bayyana. Idan daga rubutu kawai kake ƙirƙirar hoto, daga ɗige-ɗige zalla yake farawa. Idan kuwa hoto ka ba shi, sai manhajar ta fara lalata hoton naka da gangan, ta zuba masa ɗige-ɗigen zuwa wani mataki, sannan ta ce wa samfurin ya gyara, yana kallon bayanin da ka rubuta. Denoising strength ita ce ke faɗin iyakar ɓarnar da za a fara yi. A 0 ba a lalata komai, don haka ba abin gyarawa. A 1 an kusa shafe wurin ƙurmus, samfurin zai zana abin da ya ga dama.

To ga inda maganar take da daɗi. Ɗige-ɗigen nan ba sa cinye komai lokaci guda, bi da bi suke yi. Ka tuna yadda hazo ke rufe mutumin da ke tafe a hanya lokacin hunturu. Da hazon ya ɗan sauko, saƙar yadinsa da zaren ɗinkinsa ne ke fara ɓace maka. Ya ƙara kauri, sai ka daina ganin maɓalli da aljihu da inda rigar ta tattare. Amma har ya kusa ɓacewa kana iya cewa farar riga ce a jikinsa, kuma ga faɗinsa ga tsayinsa. Haka lamarin yake a nan. Ƙananan abubuwa su ke fara tafiya, tsarin ɗinki ya biyo, launi da babban fasali su ne na ƙarshe.

Wannan jerin shi ne mabuɗin komai. Abin da ɗige-ɗigen ba su cinye ba, samfurin ba zai sauya shi ba, ko me ka rubuta masa. Idan ka tsaya a 0.3, kana ba shi izinin taɓa fuskar yadi ne kawai. Idan ka kai wajen 0.5, ka ba shi izinin taɓa wuyan riga da maɓalli da zane. Launi kuwa, musamman daga fari zuwa mai duhu ko akasin haka, ba ya sakin wurinsa da sauƙi sai an haura 0.7. Matsalar ita ce, a daidai wurin da launi ke sakin wuri, a nan ne ma fasalin jiki ke fara sakin nasa, domin su biyun duk manyan abubuwa ne. Shi ya sa sauya riga ya fi yawancin gyare-gyare wahala: kana son launi ya tafi, kana son kafaɗa ta zauna, alhali kusan a mataki ɗaya suke tafiya.

Wannan ja-in-ja ba sabon abu ba ne. Binciken SDEdit na 2021, wanda a kansa aka gina wannan salon gyaran, ya riga ya nuna cewa kana ƙara ɗige-ɗige hoto na ƙara yin kyau irin na gaske, amma yana ƙara nisa da asalinsa, kuma masu binciken sun ga cewa tsakanin 0.3 da 0.6 ne abubuwan biyu suka fi daidaituwa. Sai dai su ba riga suke sauyawa ba. Ka ɗauki wannan a matsayin inda hoto ke riƙe kamanninsa, ba inda farar singileti ke zama kaftani ba.

Kuma kada ka ɗauka lambar a miƙe take tafiya, wato 0.8 ninki biyu ce ta 0.4. A Stable Diffusion 1.5, tun a wajen 0.5 ɗige-ɗigen sun riga sun fi ragowar hoton ƙarfi. Daga 0.1 zuwa 0.3 da ƙyar za ka ga bambanci, amma daga 0.6 zuwa 0.7 hoto na iya juyewa gaba ɗaya. A can sama, ƙarin 0.05 babban abu ne.

Mu ɗauki hoto guda mu bi shi

A ce wani ya kawo hotonsa ga mai gyaran hoto, yana son ganin yadda kaftani shuɗi mai duhu zai zauna masa kafin ya kai yadi wurin tela. (Na ce hotonsa ne da gangan. Sauya wa mutum tufafi a hoto ba da saninsa ba, ballantana mace, ba gyaran hoto ba ne, cin mutunci ne.) A hoton yana tsaye daga kai zuwa ƙugu, sanye da farar riga mai gajeren hannu, damatsansa a waje, hannun dama riƙe da waya a gaban ƙirji, bayansa bango ne mai launin ƙasa. Ana son kaftani mai dogon hannu da aikin zare a wuya da ƙirji.

Tun kafin a taɓa lamba, duba tazarar. Launi zai tashi daga fari zuwa shuɗi mai duhu, wannan shi ne tsalle mafi nisa. Fasali zai sauya, domin kaftani ya fi rigar faɗi kuma zai rufe damtse har wuyan hannu. Wuyan riga zai sauya, ga kuma aikin zare. Ke nan dukkan matakan uku ake son taɓawa. Wannan hoto ne mai wuya, ba irin wanda ake son mayar da farar riga mai santsi farar riga mai layi-layi ba, wanda 0.45 kan ishe shi.

Shafen ma yana da nasa hukuncin. Sai ka shafe rigar duka, ka haɗa da damatsan da za a rufe, ka kuma ɗan fita waje da jikin zuwa cikin bango, domin kaftani na buƙatar wurin da zai buɗe. Idan ka bi gefen tsohuwar rigar daidai-wa-daida, ka ɗaure sabuwar a cikin fasalin tsohuwa, ko a 1.0 kaftanin zai fito a matse. Tafin hannu da waya da agogo da fatar wuya kuwa ka bar su a waje.

Hanya mafi sauƙi ta ganin halin hoton a AUTOMATIC1111 ita ce ka kulle Seed, wato lambar da ke zaɓar irin ɗige-ɗigen da za a zuba, a lamba ɗaya, ka bar Masked content, wato abin da za a fara da shi a ƙarƙashin shafen, a kan original, ka je Script ka zaɓi X/Y/Z plot, ka sa X type a kan Denoising, ka rubuta:

```
0.35-0.95 (+0.1)
```

Zai fitar maka da hotuna bakwai a jere. Kulle Seed ɗin wajibi ne, in ba haka ba ba za ka san ko lambar ce ta kawo sauyin ko sa'a ba.

Ga abin da irin wannan jeri ya saba nunawa. A 0.35 rigar na nan fara, sai dai yadin ya ɗan sauya sheƙi. A 0.45 wuyan ya fara motsi, wataƙila wani abu mai kama da zare ya bayyana a ƙirji, amma damatsan har yanzu fata ce. A 0.55 ne ake ganin abin dariya: samfurin na son zana dogon hannu kamar yadda aka ce masa, amma launin fatar bai gama ɓacewa ba, sai ya zana hannun riga mai launin fata, jikin rigar kuma ya zama fari-fari mai ratsin shuɗi. Idan ka ga haka, hoton na gaya maka cewa tsohon launi ne ke mulki. A 0.65 da 0.75 shuɗin ya fara shigowa, sau da yawa mai haske, ba mai duhun da aka nema ba, hannayen riga sun rufe, amma kafaɗa ta ɗan faɗaɗa ko ta sauka. A 0.85 ga kaftani shuɗi mai duhu sosai, kyakkyawa idan shi kaɗai ka kalla. Sai ka duba gwiwar hannun dama, ka ga ba ta haɗu da tafin da ke riƙe da waya ba. A 0.95 samfurin ya manta akwai tafin hannu a ƙirji, ya zana nasa a gefe.

Ka lura, babu ko ɗaya cikin bakwai ɗin da ya biya buƙata. Waɗanda suka riƙe jiki ba su kawo launi ba, waɗanda suka kawo launi sun saki jiki. A nan mutane da yawa ke ɓata dare suna laluben wata lamba tsakanin 0.7 da 0.8, ko su ƙara CFG Scale daga 7 zuwa 12 da tunanin samfurin zai fi jin magana. CFG Scale na ƙara masa biyayya ga rubutu ne a kan abin da aka ba shi izinin taɓawa. Ba ya mayar da abin da ɗige-ɗige ba su cinye ba ya zama cinyayye. Abin da ka fi samu shi ne launi mai ƙuna da gefuna masu kaifi.

Mafita ita ce ka ɗauke wa samfurin aikin launi da fasali, tunda su ne ke buƙatar babbar lamba. Buɗe hoton a kowace manhajar zane, ko a sashen Inpaint sketch, ka shafa shuɗi mai duhu a kan rigar da damatsan, ka zana faɗin kaftanin yadda kake so, ko da zanen yara ne. Idan a Photoshop ko GIMP ko Krita kake, sa shuɗin a wani shafi daban a kan Multiply, salon da ke haɗa launin sama da na ƙasa, domin inuwa da tattarewar tsohuwar rigar su riƙa leƙowa ta ƙasa. Wannan yana da amfani ƙwarai, saboda inuwar nan ita ke gaya wa samfurin daga ina haske ya zo da kuma inda jiki ya lanƙwasa. A damatsan za ka buƙaci shafa launin kai tsaye, tunda shuɗi a kan fata mai duhu ta Multiply baƙi zai ba ka. A ƙirji ka ɗan ja layuka masu haske inda aikin zare zai zauna.

Yanzu tazarar ta ragu. Launi na nan, fasali na nan, abin da ya rage shi ne a mayar da fenti ya zama yadi. Wannan aikin tsakiya ne, 0.55 zuwa 0.65 kan yi shi. Kuma a wannan mataki kafaɗa da gwiwar hannu ba su kai ga sakin wurinsu ba. Idan hoton ya fito sumul kamar roba, ba saƙa ba tattarewa, lambar ta yi ƙasa ga fentin da ka shafa, ko kuma fentin ya yi lebur da yawa. Ƙara 0.05, ko ka koma ka ɗan zuba inuwa a ƙarƙashin hammata da gefen ciki. Idan kuma layukan ƙirji sun ɓace an kawo wani wuyan daban, ka wuce, sauko.

Aikin zaren ba a wannan zagayen ake samunsa ba. Dalili kuwa na lissafi ne. Samfurin ba a kan fiksel yake aiki kai tsaye ba, sai an matse hoton sau takwas ta kowane gefe, hoto mai 512 da 512 ya koma 64 da 64. Idan ƙirjin kaftanin fiksel ɗari ne a faɗi, wajen gurbi goma sha biyu kawai yake da shi a can ciki, ba inda zare zai shiga. Sai a sake zagaye na biyu: ka shafe ƙirjin kaɗai, ka mayar da Inpaint area daga Whole picture zuwa Only masked, wanda ke yanko wurin ya faɗaɗa shi ya yi aiki a kansa sannan ya mayar. A nan 0.35 zuwa 0.45 ta isa, domin ƙananan abubuwa kawai ake nema. Hattara da babbar lamba a Only masked. Samfurin ɗan yankin kawai yake gani, idan ka ba shi 0.8 kuma bayaninka na cewa mutum ne sanye da kaftani, zai iya zana maka ƙaramin mutum sukutum a ƙirjin babban. Ka gyara bayanin ya yi maganar zare da yadi kawai, ka kuma ɗaga Only masked padding, pixels daga 32 zuwa sama domin ya ga wuya da kafaɗa.

Sai zagaye na ƙarshe idan da buƙata, siririn shafe a inda wuyan riga ya haɗu da fata da inda hannun riga ya haɗu da tafi, a 0.25 zuwa 0.3, domin a samu 'yar inuwar da ke sa ido ya yarda cewa rigar a jiki take ba manna ta aka yi ba.

Akwai wani abu kuma da ya shafe mu musamman. Samfuran nan sun ga kwat da jins ba adadi, amma kaftani da babbar riga da ɗinkin atamfa irin namu kaɗan suka gani. Duk lokacin da ka ɗaga lamba, kana ƙara dogara ne da abin da samfurin ya sani. A 0.9 idan ka ce kaftani, zai iya kawo maka jallabiya ko dogon ɗinkin Indiya, aikin zaren ma na wata ƙasa. Zanen da ka yi da hannu da lamba matsakaiciya su ke riƙe ɗinkin ya zauna namu. Ga babbar riga lamarin ya fi tsanani, domin faɗinta ya wuce jiki nesa, sai ka zana fasalin da kanka ko ka yanko ta daga wani hoton da kake da ikon amfani da shi ka manna, sannan ka bi ta da wajen 0.4 zuwa 0.5 don haske ya daidaita.

Inda lamba ɗaya ke da ma'ana biyu

Wani ya ce maka 0.5 ta yi masa aiki, kai ka gwada ka samu toka-toka. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ke ƙarƙashin shafen ne ya bambanta.

A AUTOMATIC1111, duk bayanin da na yi a sama ya ginu ne a kan Masked content yana kan original, wato tsohuwar rigar ce ake lalatawa. Idan ka zaɓi fill, ana cike wurin da launukan kewaye a dame, don haka launin tsohuwar riga ya tafi amma tsarinta ma ya tafi, sai lamba ta yi sama kafin wani abu ya fito. Idan latent noise ko latent nothing ne, babu hoton da za a riƙe ko kaɗan, duk abin da ke ƙasa da wajen 0.9 tarkace zai ba ka.

A ComfyUI ma haka. Akwatin VAE Encode (for Inpainting) yana share abin da ke cikin shafen ya bar toka, shi ya sa yake buƙatar `denoise` a 1.0. Ka sa 0.6, tokar ce za ta dawo maka a matsayin riga. Wanda ke son lamba matsakaiciya sai ya bi ta VAE Encode na yau da kullum haɗe da Set Latent Noise Mask, ko InpaintModelConditioning idan samfurin na cike gurbi ne, wato wanda aka horar musamman don cike wurin da aka shafe. Yawancin kukan da ake yi na cewa riga ta fito launin toka daga nan yake.

Lissafin matakai, wato yawan karon da samfurin ke share ɗige-ɗigen, ma ya bambanta. AUTOMATIC1111 da diffusers suna ninka matakan da lambar. Ka sa matakai 30 da 0.3, wajen matakai tara kacal za a yi, shi ya sa ƙaramar lamba ke gamawa da sauri, wani lokaci kuma ta fito da ɗan dishi-dishi. Idan za ka yi zagayen gogewa a 0.3, ƙara matakan. KSampler na ComfyUI kuwa yana yin dukkan matakan da ka rubuta ko nawa ne `denoise`.

Sai irin samfurin. Na cike gurbi, kamar sd-v1-5-inpainting da ya fito a Oktoban 2022, ana ba shi ƙarin bayani: bayan hoton da aka lalata, yana karɓar shafen kansa da kuma ragowar hoton da ba a shafe ba. Saboda haka ko a 1.0 yana kallon tafin hannu da wuya da bango, yana ƙoƙarin haɗa abin da yake zanawa da su. Samfuri na yau da kullum ba shi da wannan gatan, shi ya sa ya fi saurin kawo hannu na uku. Da samfurin cike gurbi kana iya hawa 0.85 zuwa 1.0 ba tare da gefuna sun watse ba. Amma kada a ruɗe, gefuna yake haɗawa, bai san yadda jikin mutumin yake a ƙarƙashin shafen ba. Siriri zai iya fitowa da ƙiba. FLUX.1 Fill na 2024 ma a 1.0 aka saba tafiyar da shi, kuma samfuran Flux gaba ɗaya ba sa motsi sosai sai lamba ta yi sama, don haka ma'aunin Stable Diffusion 1.5 da SDXL ba ya hawa kansu.

Idan aikin ya tilasta babbar lamba, misali ana cire babbar jaket a sa riga mara nauyi, inda babu abin da za a riƙe daga tsohuwar, sai a nemo abin da zai riƙe jikin daga waje. ControlNet, wani ƙari da ake haɗa wa samfurin, da ya fito a 2023, aikinsa ke nan, kuma iri-iri ne. OpenPose yana riƙe inda kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu suke ba tare da ya damu da tufafi ba, shi ne ya fi dacewa da sauya riga. Depth yana riƙe kaurin jiki, amma tare da kaurin tsohuwar rigar. Canny kuwa layukan tsohuwar rigar zai kwafo, maɓalli da bakin gajeren hannu da komai, sai ka ga alamar gajeren hannu a tsakiyar dogo. Da OpenPose a kunne, hoton mutumin nan mai waya zai iya jure 0.9 gwiwar hannunsa na inda take.

Karanta alamun da hoton ke bayarwa

Da zarar ka saba, ba sai ka yi jerin hotuna bakwai kullum ba, hoto ɗaya na gaya maka inda za ka nufa. Idan kana ganin fatalwar tsohuwar riga, wato zoben tsohon wuya a ƙarƙashin sabo, ko rubutun ƙirji ya zama wani tabo, ko launin ya tsaya rabi da rabi, lamba ta yi ƙasa ga tazarar da ke akwai. Kafin ka ƙara, tambayi kanka ko share tabon da burushi ya fi sauƙi. Rubutu baƙi a kan farar riga yana da taurin kai ƙwarai, minti ɗaya na shafe shi da fari yana rage maka lamba mai yawa.

Idan kuwa rigar ta yi kyau amma mutumin ya sauya, wuya ya yi tsawo, ƙirji ya faɗaɗa, haske a rigar na zuwa daga hagu alhali a fuska daga dama yake, ko bangon da ke cikin shafen ya bambanta da na waje, lamba ta yi sama. Hasken nan shi ne abin da aka fi mantawa a duba, kuma shi ne ke fara tona asiri ga mai ido.

Akwai kuma laifukan da ake ɗora wa lambar alhali ba nata ba ne. Farin zobe a gefen sabuwar riga mai duhu ragowar tsohuwar ce da shafen bai rufe ba, maganinsa faɗaɗa shafen. Layi mai kaifi a gefe kuma aikin Mask blur ne, wanda ke zuwa a kan 4, kuma ga babban hoto ya yi kaɗan. Soft inpainting da aka ƙara a AUTOMATIC1111 a 2024, da Differential Diffusion a ComfyUI, suna barin ƙarfin gyaran ya riƙa raguwa daga tsakiyar shafe zuwa gefe, wanda ke taimakawa sosai a wuya da wuyan hannu.

Sai fuska. Idan kana zagaye uku ko huɗu a ComfyUI ka ga fuskar mai hoton na ɗan laushi ko idonsa na sauyawa alhali ba ka shafe ta ba, ba `denoise` ba ce. Matse hoton da buɗe shi da ake yi kowane zagaye ne ke cin ƙananan abubuwa a ko'ina. AUTOMATIC1111 yana manna gyaran a kan asalin hoton da kansa, amma a ComfyUI sai ka sa ImageCompositeMasked a ƙarshen kowane zagaye, ka ba shi asalin hoton a `destination`, sabon a `source`, tare da shafen, domin duk abin da ke wajen rigar ya zauna fiksel ɗinsa na asali.